Na goge wa Goggo zanen fuskarta a hoto

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na ɗauki hoton goggona a wajen kamun ƙanwata a Pantami. Fitilar wurin ja ce, sai na gyara shi a Snapseed, na ƙara mata haske, na goge zanen kumatunta. Da 'yarta ta nuna mata a status ɗina, cewa kawai ta yi, "Wannan ba ni ba ce." Ya zan yi?

Mai hoto a Jekadafari: Wa'alaikumus salam ƙanwata. Gyara biyu kika yi, ɗaya ne ya ɓata. Jan fitila laifin kyamara ne, kuma da White Balance ake rage shi, a dinga duban farin abu a hoton, kamar mayafi ko bango, har ya koma fari. Wannan ba sai kin tambayi kowa ba. Zane kuwa nata ne. Ni a shago abin da zai tafi da kansa cikin mako biyu nake taɓawa: ƙurji, gumi, kwallin da ya zubo. Zane, wushirya, tsohon tabo da launin fata ba na sa musu Healing, wato abin gogewa na Snapseed, sai mai fuskar ya ce da bakinsa. Ki duba wuyanta da bayan hannunta a hoton. In fuskar ta fi su haske, fatar kika canza, ba fitilar ba. Ki koma kan na asali ki sake daga farko, kada ki gyara gyararren.

Wani daga Bolari: Ki cire shi kawai. Ko kin bari ma bayan awa 24 zai sauka da kansa, magana ta wuce.

Mai hoto: Cirewar daidai ce, amma wanda ya riga ya adana fa? Na asalin ya kamata ta tura wa dangi.

Wata ɗaliba: Ki rage Healing ɗin ne, in an yi kaɗan ba a ganewa.

Wata uwa daga Tudun Wada: Ba ganewa ce damuwar ba, 'yata. Ina da zane irin na gidanmu, mahaifiyata ma da shi ta rasu. Ranar da ɗana ya goge mini nawa, ji na yi kamar kunyarsa yake ji. Kada ki aika saƙo. Ki wanko na asalin, ki je gida ki durƙusa ki ce, "Goggo, na yi kuskure, ki yafe mini." Kada ki ce don ta yi kyau kika yi, wannan ya fi gogewar ciwo.

Wata amarya: Ni kuwa tabon ƙunar da ke goshina, da ƙawata ta goge shi ban ji haushi ba, daɗi ma na ji. Sai dai tambayar ce ke da nauyi. Ta yaya za ka ce wa babba, in goge miki wannan?

Mai hoto: Ni nakan nuna hoton yadda yake, in ce, "Hajiya, akwai abin da za a taɓa?" In ta yi shiru, na bar shi.

Amaryar: Ni da kunya ko ina so shiru zan yi.