Abin da aka tattara kan sakamakon gwajin maƙoƙo

A tattaunawar da likitoci suka yi, shawarar da ta fi yawa ita ce kar a karanta TSH, sinadarin da ke sa maƙoƙo aiki, shi kaɗai, a haɗa da FT4, sinadarin da maƙoƙon ke fitarwa. In TSH ya haura sama FT4 ya yi ƙasa, to maƙoƙon ya yi sanyi ke nan, in TSH ya faɗi FT4 ya hau kuma aiki ya mai yawa. Inda aka fi daɗewa ana tattaunawa shi ne mai TSH 7, wato ya ɗan haura, amma FT4 lafiya lau, likitocin suka ce kar a yi gaggawar fara magani, a maimaita bayan wata 2 zuwa 3 don sau da yawa yakan sauko da kansa, musamman in mutum bai daɗe da tashi daga jinya ba. In duka biyun sun hau ga mai shan levotairosin kuwa, wato maganin maƙoƙon da ya yi sanyi, a fara tambayarsa ko yana tsallake maganin, sai ranar gwaji ya sha.