Mai neman aiki ya kawo sakamakon WAEC da hankalina bai kwanta da shi ba

Maman Khairat: Assalamu alaikum. Ina da 'yar makaranta a Tudun Wada, ina neman mai riƙe mini rajista da rasit. Ɗan maƙwabcinmu ya kawo fotokwafin sakamakon WAEC na 2016, irin wanda ake bugowa a kafen intanet. C6 ɗin Turanci ya fi sauran baƙi, kuma ya ɗan karkace daga layi. Ya ce satifiket ɗin na makarantarsu saboda bashi. Litinin na ce zan ba da amsa, ga kunyar mahaifinsa. Ya zan yi?

Ɗan Kawo: Hajiya, ki ɗaga ta a rana, ta gaskiya tana da tambari a cikin takardar. Ki shafa ma za ki ji.

Malam Na Rajista: Fotokwafi ta ce, me za ta gani a rana? Hajiya, bugun kafe ba hujja ba ne, duk yaron da ya iya kwamfuta zai mayar da F9 ya koma C6. Ki duba lambar jarrabawarsa tukuna. Lambobi goma ne, bakwai na farko na santar da ya zauna, ukun ƙarshe nasa. Ta 'yan makaranta da 4 take farawa, ta masu zaman kansu da 5. In ya ce a makaranta ya rubuta kika ga 5, tun nan akwai magana. Sannan ki sayi katin duba sakamako da kuɗinki, ki shiga waecdirect.org a wayarki, ki sa lambar da shekarar 2016 da nau'in jarrabawar da lambobin da ke jikin katin. Kada ki karɓi hoton da zai turo miki. Ki fara duba sunan da ya fito kafin maki, don wasu lambar ɗan ajinsu suke ara.

Maman Khairat: Da 4 ta fara, Malam. Nawa ne katin?

Ɗan Kawo: 4,000 na saya wa ƙanwata.

Ummi Rigasa: Ina? 5,500 aka karɓa a hannuna a Kasuwar Barci.

Baban Sadiq: Ku bar batun kati. Ƙanina shekara tara yana aiki a wata ma'aikata, da aure da 'ya'ya uku. Aka zo tantance ma'aikata, aka ce kowa ya kawo takardunsa na asali, ofis ya tura lambobin wa hukumar jarrabawa. Amsa ta dawo lissafinsa E8 ne, a fayil kuma C5. Wallahi shi ma ranar ya sani. Mutumin da mahaifinmu ya biya ya yi masa rajista shi ya kawo takardar har gida, aka yi ta murna. Aka sallame shi ba ko sisi, yanzu Keke Napep yake ja a hanyar Mando.

Ummi Rigasa: Allah sarki. Allah ya musanya masa.

Ɗan Kawo: Yaya, ka yi haƙuri, amma shekara tara bai taɓa zuwa karɓar satifiket ba?

Baban Sadiq: Kai da ka ce a ɗaga fotokwafi a rana ne za ka tuhume ni?

Sarkin Zolaya: Nawa sakamakon ko ɓarawo ba zai yi jabunsa ba, F9 ne a jere kamar sahun sallah.

Anti Larai: Sai Hajiya ta je Minna ai, can ofishinsu yake.

Malam Na Rajista: NECO ke Minna, Anti, kuma ko ita tun 2023 ta buɗe tantancewa ta intanet. A 2000 ta fara jarrabawar gama sakandare, na taɓa karɓar "NECO" ta 1998 a hannun wani. WAEC na da ofis nan Kaduna, tana kuma da satifiket na intanet daga 1999 zuwa yau. Yaron zai iya buɗe nasa a gabanki da hotonsa a jiki, zancen bashin makaranta ya faɗi. Abin da duk wannan ba zai nuna miki ba shi ne ko wani ne ya amsa masa tambayoyin. Ki ba shi biro ya rubuta wasiƙar neman aiki a ofishinki.

Ɗan Kawo: Manyan wurare duk ba sa wannan wahalar, kallo ɗaya suke yi su ajiye.

Malam Na Rajista: Wasu sai an zo tabbatar da ma'aikaci suke rubuta wa makarantar da ta ba da difloma ko digiri. Shi ya sa ake kama mutum bayan ya zauna.

Ummi Rigasa: To su makarantun amsawa suke? Wurin aikina sun rubuta wa tawa tun bara, shiru. Na je da ƙafata, aka ce mai riƙe da makullin fayil ya yi tafiya. Har yau ba a tabbatar da ni ba.

Anti Larai: Sai kin san wani a ciki, 'yata.

Maman Khairat: Na aika a sayo katin. Amma in ya fito ba daidai ba, shi zan kira ko mahaifinsa?

Baban Sadiq: Ummi, nawa suka ce ki biya kafin su nemo fayil ɗin?