Ɗauka 62 a rana ɗaya, yarona ya watsa min ƙasa a ido

Mai Kyamara: Jama'a raina a ɓace yake. Mu biyu muka sa kai za mu yi wa ƙungiyarmu bidiyon minti 10. Labarin shafi 10 ne, wuri uku: ɗaki, tsakar gida, bakin titi. Na rubuta jerin ɗauka 62, na tsara mu gama ranar Asabar. Rana ta faɗi muna kan ta 19, yarona ya ajiye makirfo ya tafi. Yanzu ina laifina?

Uwar Biyu: Yaronka? Ƙanena, nawa kake biyansa? Mutum ya ba ka Asabar ɗinsa kyauta kana ce masa yaro.

Mai Kyamara: Yaya, ni na rubuta labarin, ni ke riƙe da kyamara.

Uwar Biyu: Shi kuma ya yini hannu a sama da sandar makirfo. Ka taɓa riƙe ta minti biyar?

Ɗan Zafi: A lokeshin dole akwai oga akwai yaro, ko mutum biyu ne. Kuma jadawalinsa daidai ne. Shafi ɗaya minti ɗaya ne, shafi 10 ai aikin yini guda ne.

Tsohon Hannu: Shafi ɗaya minti ɗaya gaskiya ne, amma tsawon abin da za a kalla yake nunawa, ba lokacin ɗaukarsa ba. Malam Mai Kyamara, da wane tsari ka jera 62 ɗin?

Mai Kyamara: Yadda labarin yake tafiya. Ɗaki, titi, a dawo ɗaki, tsakar gida, ɗaki kuma.

Tsohon Hannu: To nan aka haihu a ragaya. Sau uku za ku kafa fitila a ɗaki ɗaya kenan. Abin da ke cin lokaci shi ne zaman kyamara: duk sanda ka matsar da ƙafarta, sai an gyara fitila, an nemi inda makirfo ba zai shigo hoto ba, an gwada, sannan a ɗauka sau biyu ko uku. Ga mutum biyu ka sa minti 20 zuwa 25. Ko da 20 ka lissafa, 62 sun haura awa 20. Tun a takarda ranar ta ƙare.

Ka koma kan jerin, ka rubuta wa kowace ɗauka wuri, inda kyamara ke kallo, wanda ke ciki, da ko ana buƙatar sauti. Sai ka tara masu kama da juna. Duk sin uku na ɗaki a yi su a shiga ɗaya: faffaɗar ɗauka tukuna, sannan duk na kusa da ke kallon taga, sannan a juya a yi masu kallon ƙofa. Ina zaton 62 ɗin za su koma zama 24 ko kusa. A minti 25, awa 10 kenan, ban da kwashe kaya da hutu. Kwana biyu ne aikin. Na waje a sa su da safe ko da yamma, ɗaki da tsakar rana.

Ɗan Zafi: Idan aka hargitsa tsarin labari ’yan wasa rikicewa suke. Riga ta canza, kofi ya koma wani hannun.

Tsohon Hannu: Wannan kam yana faruwa, tunda ba mutum na uku mai lura. Ku ɗauki hoto da waya a ƙarshen kowane sin, ku rubuta lambarsa a takarda a cikin hoton.

Mai Neman Sani: Ni ma namu sautin ne ya fita da ƙarar fanka. Wace waya ce ta fi kyau?

Uwar Biyu: Ba maganar waya ake ba. Ni dai har yanzu ban ji an janye “yarona” ba. Da tare suka zauna suka rubuta jerin, da mai sautin ya gaya masa bakin titi da tsakar rana ba ya ɗaukuwa saboda motoci.

Ɗan Zafi: Hajiya kullum ke bayan masu sauti kike, mun san maigidanki sana'arsa ce.

Uwar Biyu: Kada ka sako min maigida a nan.

Tsohon Hannu: Malam, ka kuma yi wa waɗanda labarin ba zai tsaya ba sai da su alama. Idan lokaci ya ƙure, sauran ake zubarwa. Cikin 19 ɗin nan nawa ne na dole?

Mai Kyamara: Shida hoton ƙafafu ne da agogo. Amma ai da ya tsaya da mun ƙara.

Shugaban Zaure: Bari in taƙaita. An yarda dole aiki ya sami shugaba, kuma ajiye makirfo a tafi ba tarbiyya ba ce. An kuma ba da shawarar a ƙara kwana ɗaya. Na rufe.

Uwar Biyu: Wa ya yarda? Ranka ya daɗe, kai ma mai kyamara ne.