Mahaifin abokin aikina ya rasu, me zan rubuta masa?

Maman Sadiƙ:
Assalamu alaikum. Da safen nan aka gaya mana mahaifin wani da muke ofis ɗaya ya rasu a Gusau, har an yi jana'iza bayan azahar. Mu muna Kaduna, ba zan samu zuwa ba. Na kira sau biyu bai ɗauka ba. Shekara uku muna aiki tebur kusa da tebur, amma ba mu wuce gaisuwa da maganar aiki ba. Ga kuma rahoton ƙarshen wata a hannunsa, ranar Alhamis ake miƙawa. Abin da na rubuta ke nan, na kasa turawa: "Na ji abin da ya faru, wallahi zuciyata ta karye. Me ya same shi? Allah ya jiƙansa. Idan ka samu sarari ka turo min fayil ɗin nan." Don Allah waɗanda suka taɓa shiga wannan hali su taimaka.

Baban 'Yan Biyu:
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Gara da ba ki tura ba. Bara na rasa mahaifiyata, bari in gaya miki yadda wayar mai makoki take. Kwana ukun nan na zaman makoki ina kan tabarma a ƙofar gida, jama'a na zuwa rukuni-rukuni, kowane rukuni sai an ɗaga hannu an yi addu'a. Wayata tana aljihun ƙanena. Shi yake ɗaukan kira, wani lokacin shi yake karanto min saƙo. Ni da kaina ban zauna na duba su ba sai daren kwana na huɗu. Saboda haka rashin ɗaukan kiranki ba komai ba ne, kada ki sake kira yau.

Abu biyu zan cire. Na farko tambayar "me ya same shi". A ranar na ba da labarin jinyar Hajiya har muryata ta dishe, kuma duk saƙon da ya zo da tambaya sai in ji kamar bashi ne a kaina. Na biyu maganar fayil. Wani a wurin aikinmu ya yi min haka, ya yi addu'a mai kyau sannan ya ƙare da tambayar ina mukullin kabad. Har yau mukullin nake tunawa, addu'ar ta ɓace min. Da ni ne, ga abin da zan tura:

"Assalamu alaikum. Wance ce daga ofis. Mun sami labarin rasuwar Baba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa, ya sa Aljanna ce makomarsa, ya ba ku haƙurin rashi. Kada ka damu da aiki, muna nan. Ba sai ka amsa ba."

Ki lura na ce Baba, ban ce mahaifinka ba. Kalmar nan ita kaɗai ta ɗauke nauyin kusancin da kike nema da "zuciyata ta karye", don kin mai da mamacin naki ke ma. Sannan "ya ba ku" na ce, jam'i, saboda addu'ar ta haɗa da mahaifiyarsa da 'yan uwansa. Kuma ki sa sunanki a farko, ƙila wanda ke riƙe da wayar bai san lambarki ba.

Hajiya Ƙarama:
Na yarda da shi a kan maganar zuciya, musamman ke mace shi namiji. Ba laifi kika yi ba, amma wayar tana iya kasancewa a hannun matarsa. Ni dai idan namiji ne abokin aikin, nakan ƙara da "a yi wa Hajiya da sauran iyali ta'aziyya". Yana sa saƙon ya zama na gida gaba ɗaya.

Ɗan Zazzau:
Ni ban ga amfanin wannan dogon lissafi ba. Ta'aziyya da ƙafa ake yin ta. Ku haɗa kuɗin mai ku cika mota ɗaya ku je ku ce masa ya haƙuri, ko shinkafa ku riƙa. Saƙon waya na wanda ke ƙasar waje ne.

Maman Sadiƙ:
Maza huɗu za su je ranar sadakar uku, an riga an fara karo-karo. Ni ina da jariri, shi ya sa. Ba na son ya kwana bai ji daga gare ni ba.

Malam Na Tudun Wada:
Zuwa ya fi, babu musu, amma aike ma yana da asali. A hadisin Usama ɗan Zaidu da ke cikin Bukhari da Muslim, wata 'yar Manzon Allah (SAW) ta aika masa cewa ɗanta yana bakin mutuwa, sai ya mayar da ɗan aike da sallama da cewa na Allah ne abin da ya karɓa, nasa ne abin da ya bayar, komai yana da ajali a wurinsa, ta yi haƙuri ta nemi lada. Gajeriyar magana ce, kuma daga baya ya tashi ya je. To ki tura yau, ranar da ya dawo ofis ki gaishe shi baki da baki. Abin da nake ja wa mutane kunne a kai shi ne wa'azi. Na ga saƙon da aka cika da tunatarwa kan azabar kabari aka tura wa wanda ƙasar maƙabarta ba ta bar ƙafarsa ba.

Anti Nas:
Nawa kuskure ne na kaina, kuma har yanzu yana damuna. Mahaifiyar wata abokiyar aikina ta rasu, ina cikin gaggawa na ɗauko wata ta'aziyya da na gani a guruf na tura mata. Sai da ta tafi na ga an rubuta "Allah ya gafarta masa", ga kuma alamar Forwarded a samanta. Ta amsa da amin kawai. Da ta dawo na ba ta haƙuri, ta ce ba komai, amma na san ta gani. Tun lokacin da hannuna nake rubutawa, ko layi biyu ne, in karanta sau biyu in duba "masa" da "mata".

Ɗan Kagoro:
Ni Kirista ne, mahaifina ya rasu shekara biyu da suka wuce. Abokan aikina Musulmi da yawa sun yi shiru, daga baya ɗaya ya ce min bai san me zai ce ba ne. Shirun ya yi min ciwo. Wanda ya fi taɓa ni cewa kawai ya yi: "Na ji rashin Baba. Sannu da haƙuri, Allah ya ba ku ƙarfin zuciya, ya raya abin da ya bari." Mu kanmu "Ubangiji ya ta'azantar da ku" muke cewa. Kuma ku sani mu jana'iza takan ɗauki mako biyu ko fiye, don haka a sake tuntuɓa idan ranar ta matso.

Hajiya Ƙarama:
Wuri ɗaya ban gamsu ba, wato "kada ka damu da aiki". Idan ba ke ce shugabarsa ba, da wane iko za ki faɗi haka? Gobe oga ya kira shi yana neman rahoto, maganarki ta zama iska. Ko ki fara samun oga ya amince ke za ki ƙarasa, sannan ki rubuta "na karɓi rahoton Alhamis", ko ki bar aiki daga cikin saƙon kwata-kwata.

Baban 'Yan Biyu:
Kina da gaskiya a kan samun oga tukuna. Amma ni layin nan ne ya sa na yi barci a daren farko, ba zan ce a cire shi ba.

Maman Sadiƙ:
Na je wurin oga, ya ce in haɗa rahoton daga abin da ke kwamfutar ofis, abin da ya rage a jira shi. Na tura irin na Baban 'Yan Biyu, na ƙara gaisuwar Hajiya da iyali, na sa "rahoton Alhamis yana hannuna". Bai buɗe ba tukuna. Ranar da ya dawo, in gaishe shi a gaban mutane ne ko in bari sai ofis ya yi sauƙi?