Muhawara: Ko injin fassara na 1954 yana da abin faɗa wa na yau?

Auwalu: Ni a ganina, kuɗin binciken ƙirƙirarriyar basira sun ƙafe a da ne saboda kwamfutocin wancan zamani ba su da ƙarfi. Tunda yanzu ƙarfin ya samu, ba za a sake ganin irin wancan rani ba. Wa yake da ja?

Dakta Hadiza: Ina da ja, Malam Auwalu. A watan Janairun 1954, Jami'ar Georgetown da kamfanin IBM sun tara 'yan jarida a birnin New York, inda kwamfuta ƙirar IBM 701 ta fassara jimloli sittin da ɗoriya daga Rashanci zuwa Turanci. Abin da bai ja hankalin jama'a ba shi ne, kalmomi 250 kacal injin ya sani, da ƙa'idojin nahawu shida, kuma jimlolin zaɓaɓɓu ne waɗanda aka riga aka san za su dace da waɗannan ƙa'idoji. Duk da haka aka yi alkawarin cewa cikin shekara uku zuwa biyar matsalar fassara za ta zama tarihi, gwamnatin Amurka kuwa, wadda take ƙishirwar karanta takardun kimiyyar Tarayyar Sobiyet, ta buɗe bakin aljihu.

Auwalu: Ai maganata ke nan, Dakta. Da injin yana da wurin ajiye kalmomi dubu ɗari, da alkawarin ya cika.

Dakta Hadiza: Da bai cika ba, domin matsalar ba ta yawan kalmomi ba ce kaɗai. Tun 1960 masani Yehoshua Bar-Hillel ya nuna cewa zaɓen ma'anar kalma yana buƙatar sanin duniya. Ɗauki misali daga harshenmu: idan aka rubuta "ta tankaɗe gari" da kuma "ta shiga gari", ƙamus zai ba inji ma'ana biyu, amma wanda ya san rariya ne kawai zai gane na farko na tuwo ne. Sa'ad da kwamitin ALPAC, wanda aka kafa a Amurka don duba ci gaban fassarar inji, ƙarƙashin John Pierce, ya fitar da rahotonsa a 1966, bai tsaya kan saurin kwamfuta ba, lissafin kasuwa ya yi. Ya gano cewa fassarar injin Georgetown sai mutum ya bi ta ya gyara, kuma idan aka haɗa da gyaran, ta fi fassarar ɗan Adam cin lokaci da kuɗi, sannan ƙasar ba ta ma fama da ƙarancin masu fassara. Bayan an kashe kimanin dala miliyan 20, aka tsuke bakin aljihun.

Malam Isa: Ku gafarce ni, ni abin da ya dame ni daban ne. Fassara ce sana'ata, kuma a bara wata ƙungiya ta daina ba ni aiki, sai dai ta turo mini abin da inji ya fassara in gyara a rabin farashi. Takardar wayar da kai kan rigakafi mai shafi goma ta ci mini kwana biyu, alhali da daga tushe na fara, yini ɗaya da rabi ya isa. Shin ranin da kuke magana zai dawo mana da aikinmu?

Dakta Hadiza: Ba wannan aka tambaya ba, Malam Isa, amma ba tare da ka sani ba ka maimaita awon da ALPAC ya yi. Da shi nake auna duk wani baje koli na yau: wa ya zaɓi misalan da aka nuna, kuma nawa aikin yake ci idan aka saka ladan mai gyara a lissafi?

Auwalu: Na karɓi wannan, amma akwai bambancin da kike tsallakewa. Injin 1954 ƙa'idoji aka rubuta masa da hannu, na yau kuwa daga ɗimbin rubutu yake koyo, shi ya sa sau da yawa yake raba garin tuwo da garin Kano. Ban da haka, a wancan lokaci gwamnati ce kusan kaɗai mai biya, rahoto guda ya isa ya rufe famfo, kamar yadda rahoton masani James Lighthill kan ƙirƙirarriyar basira ya yi a Birtaniya a 1973. Yau miliyoyin mutane ne suke amfani da abin kowace rana.

Dakta Hadiza: Batun koyo gaskiyarka ne. Batun masu biya kuwa, a shekarun 1980 kamfanoni ne suka zuba kuɗi a manhajojin da suke kwaikwayon ƙwararru, wasu ma sun yi aiki sosai, amma kasuwar kwamfutocin Lisp, waɗanda aka ƙera musamman don irin wannan aiki, ta rushe a 1987 da kwamfutoci masu araha suka kamo su. Abu yana iya yin aiki, kuɗi su gudu duk da haka, idan abin da yake kawowa bai kai abin da aka yi alkawari ba.

Auwalu: To, sai mu ga ko masu amfani da shi kyauta za su yarda su biya. A nan kam ban sauka daga ra'ayina ba.

Malam Isa: Ni dai har yanzu ba a amsa mini ba.