Wasan tseren mota na ƙyaƙƙyafawa: me za a gwada gaba?

Wani mai tambaya ya ce wasansa na tseren mota a kwamfuta na tafiya lafiya, sai hoto ya ɗan daskare a kan kwana, ya ci gaba. Ya riga ya sabunta direban katin hoto, ya rage ingancin hoto, ya kashe V-Sync, wato saitin da ke daidaita saurin hoton wasa da na allo, amma ba abin da ya sauya.

Yawancin masu amsa sun ce ya daina kallon FPS, wato yawan hotuna a sakan ɗaya, ya buɗe jadawalin Frametime, mai nuna lokacin da kowane hoto ke ɗauka, a manhajar MSI Afterburner. A FPS 60 kowane hoto na ɗaukar kusan milisakan 16.7, don haka tsalle guda zuwa milisakan 50 zai ji shi a hannu, alhali matsakaicin lissafi bai nuna komai ba.

Shawarar da ta fi gamsar da ni ita ce ya zagaye hanya ɗaya sau biyu. In matsalar ta ɓace a zagaye na biyu, wasan ne ke haɗa bayanan zane a karon farko. In kuwa tana dawowa a kwana ɗaya kullum, ana zargin loda hanya daga faifai, sai ya mayar da wasan kan SSD, wato ma'ajiyar bayanai mai sauri. In sai bayan an jima take farawa, ya duba zafin kwamfutar.

Wani ya ce ya cire sitiyarin USB ya gwada da allon madannai.