Neman kalma: idan tambayoyin gwaji suka shiga cikin karatun manhaja, me za mu ce?

Maryam:
Assalamu alaikum. Ina fassara wani rahoto kan manhajojin ƙirƙirarriyar basira, kuma wata kalma ta tsaya mini. Kun san duk kamfanin da ya fitar da sabuwar manhaja sai ya ce ta ci maki kaza a gwaji kaza. Waɗannan gwaje-gwajen su ne Turawa ke kira bencimak, ni dai ina cewa "gwajin awo". Wadda ta gagare ni ita ce kontaminashan, wato tambayoyin gwajin da amsoshinsu su kasance suna cikin rubuce-rubucen da aka horar da manhajar da su tun farko. Ina son kalmar da mai karatu zai gani ya gane nan take cewa makin nan ba abin dogaro ba ne. A taimaka mini.

Malam Garba:
Wa alaikumus salam. 'Yata, ai kalmar tana nan tun da daɗewa: satar amsa. Na koyar da lissafi har na yi ritaya, kuma duk yaron da ya ga takarda kafin ranar jarrabawa sunan abin da ya yi ke nan. Kowane Bahaushe ya san ta.

Isuhu Damagaram:
Ni a ganina "fallasa" ta fi dacewa. Kwanaki aka ce bayanan mutane sun fita daga wani kamfani, lambar waya da komai. Ai irin wannan ne, ko?

Injiniya Bashir:
Malam Isuhu, wancan daban ne. Can sirrin mutane ne ya fita waje, nan kuwa tambayoyi ne suka shiga inda bai kamata su shiga ba.

Baba Garba, kun kama rabin maganar, domin sakamakon ɗaya ne: maki ya hau, ilimi bai ƙaru ba. Inda nake ja shi ne "sata". Sata sai da ɓarawo, sai da niyya, a nan kuwa sau da yawa babu ko ɗaya. Masu bincike ne da kansu ke ɗora tambayoyin a intanet kyauta, domin kowa ya gwada manhajarsa da su. Daga nan mutane su kwafa, wani ya sa a GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye ayyukansu, wani ya rubuta bayanin yadda ake warware su. Shi kuma kamfani idan zai yi horo, yana kwaso rubutun intanet ne gaba ɗaya, wanda ba mahaluƙin da zai iya zama ya karance shi. Haka tambayoyin ke bin ayari su shige.

A 2020 waɗanda suka yi manhajar GPT-3 sun yi ƙoƙarin tace su. Suka sa na'ura ta nemo duk inda kalmomi 13 a jere suka zo iri ɗaya a gwaji da a bayanan horo, ta cire. Bayan an gama horo sai suka gano matatar tana da matsala, wasu sun wuce. Suka rubuta haka a rahotonsu, suka ce sake horon ya yi tsada, ba zai yiwu ba. Wanda ya faɗa da bakinsa ai ba a kira shi ɓarawo.

Malam Garba:
To na ji. Amma idan ba wanda ya sata, kuma ba wanda ya karanta abin da aka ba ta, ta yaya ake gane ta gani? Mu yaro muke kira gaban allo mu canza masa lamba.

Injiniya Bashir:
Wallahi Baba, hanyar ke nan. Akwai wani gwaji mai suna GSM8K, na lissafin 'yan firamare, wanda kamfanin OpenAI ya fitar a 2021. Ɓangarensa na jarrabawa tambayoyi 1,319 ne. Ta farko ta shahara ƙwarai: agwagin wata Janet suna yin ƙwai 16 kullum, ta ci uku da safe, ta yi gashi da huɗu, ta sayar da sauran dala biyu-biyu. Nawa take samu? Saura tara, kuɗi dala 18.

Idan manhaja ta ce 18 ba ka san komai ba tukuna. Sai ka mai da ƙwan 20, ka canza sunan matar, ka mai da agwagin kaji. Amsa ta koma 26. Wadda ta iya lissafin ba za ta girgiza ba. Hanya ta biyu ta fi tona asiri: ka ba ta rabin tambayar kawai, agwagin Janet da ƙwai 16, ka ce ta ƙarasa. Idan ta kawo maka uku da huɗu da dala biyu daidai yadda suke a asali, ba lissafi ne ya ba ta su ba, domin babu dalilin da zai sa ya zama uku ba biyar ba. Ta taɓa gani ne.

A 2024 kamfanin Scale AI ya yi wannan da gaske. Ya sa mutane suka rubuta sababbin tambayoyi sama da dubu, masu wahala daidai da na GSM8K, ya kira su GSM1k, ya kuma ƙi sakin su a lokacin. A rahotonsu na farko wasu manhajoji sun faɗi da har maki 13 cikin 100, musamman dangin Phi da Mistral. Manyan na gaba-gaba kuwa kusan ba su motsa ba. Wannan ɓangaren na biyu a riƙa faɗarsa, kada a ɗauka duk maki ƙarya ne.

Hajiya Rabi:
To ai "hadda" ke nan. Ta haddace, ba ta fahimta ba.

Maryam:
Hajiya, na yi tunaninta, amma hadda a wurinmu abin yabo ce. Idan na rubuta manhaja ta yi hadda, wani zai ɗauka kirari nake mata. Kuma hadda abin da manhajar ta yi ne, ni kuwa ina neman sunan abin da ya samu gwajin. Yaya Bashir, ya kake ganin "yoyo"? Yoyon tambayoyi.

Hajiya Rabi:
A matsayin suna ban so shi ba. Mata da yawa in sun ji yoyo, cutar yoyon fitsari ce ke fara zuwa musu. Ki ce "gurɓata". Gurɓataccen ruwa a ido ruwa ne, ba wanda ya ce lalle da gangan aka ɓata shi, amma ba ka sha. Gurɓataccen maki, shi ke nan.

Injiniya Bashir:
Hajiya ta kawo ta. Ni zan ce "gurɓacewar gwaji" ga matsalar, "gurɓataccen maki" ga sakamakon. Kuma gurɓata tana karɓar "kaɗan" da "sosai", abin da sata ba ta karɓa, alhali abin mataki-mataki ne. Wani lokaci tambayar kaɗai aka gani ba amsa. Wani lokaci an sake mata kalmomi, ma'ana ɗaya, yadda matatar kalmomi 13 ɗin nan ba za ta kama ta ba.

Ga wanda ya fi bayyana a fili. Da GPT-4 ta fito a Maris 2023, wani mai bincike ya gwada ta da tambayoyin gasar rubuta manhaja ta Codeforces. Tsofaffi goma na kafin 2021 ta cinye duka. Sababbi goma masu sauƙi irin nasu, waɗanda aka fitar bayan an rufe karatunta, ba ta ci ko ɗaya ba. Bambancinsu ranar fitowa kawai.

Aliyu:
Ni abin da ya same ni ban san ko wannan ba ne. Ina riƙe wa yayana lissafin shago. Na ɗauki wata manhaja da aka ce ta ƙware a lissafi, na rubuta mata: buhu kaza muka saro, kaza muka sayar, biyu daga ciki ɗinkinsu ya ɗan saki amma mun sayar da su kuɗinsu. Sai ta cire biyun nan daga ciniki. Na sake tambaya da wasu kalmomi, ta ba ni wata amsa daban. Gurɓacewar ce?

Injiniya Bashir:
A'a ƙanena, taka wata ce, kuma ita ta fi damuna. Masu bincike a Apple sun nuna irinta a Oktoba 2024. Suka ce yaro ya tsinki 'ya'yan kiwi 44 ranar Juma'a, 58 ranar Asabar, ranar Lahadi ninkin na Juma'a, amma biyar daga ciki sun ɗan fi sauran ƙanƙanta. Jimilla 190 ce, ƙanƙanta ba ta rage adadi. Wasu manhajoji suka cire biyar, suka ce 185. Dalili shi ne a tambayoyin da suka saba da su, kusan duk lambar da aka ambata aiki za a yi da ita. Kai kuwa ka yi magana irin ta mutane, da zancen ɗinki a tsakiya. Ko da gwaji bai gurɓata ba sam, abin da yake aunawa shi ne tsaftatacciyar tambaya mai amsa ɗaya, ba lissafin shago ba. Don haka Maryam, kada ki bar "gurɓacewa" ta ɗauki nauyin duk wani maki da bai yi amfani ba.

Malam Garba:
Wannan kuma mun san shi. Koyarwa don jarrabawa. Malami ya yi ta bitar tambayoyin WAEC na shekarun baya har yaro ya san salonsu. Ba a saci komai ba, kuma ban yarda a kira shi gurɓata ba, don bita halal ce.

Injiniya Bashir:
Nan ne masana ma suka rabu, Baba. GSM8K da kansa yana da tambayoyin bita sama da 7,000 da aka yarda a yi horo da su. Amma idan kamfani ya ƙirƙiro dubban ɗaruruwa masu kama da na jarrabawar ya ɗura wa manhaja, ba tambaya ɗaya da ta shiga, maki kuma ya hau. Ni ina ganin gwajin ya riga ya lalace. Ku kun ce bita ce.

Isuhu Damagaram:
Yanzu na gane. To gwajin da aka yi da Hausa fa? Tunda rubutunmu bai da yawa a intanet, ai namu tsaftatacce ne.

Injiniya Bashir:
Ba lalle ba. Akwai gwajin lissafi mai suna AfriMGSM a cikin IrokoBench, tarin gwaje-gwajen harsunan Afirka na ƙungiyar Masakhane, 2024, kuma da Hausa a ciki. Tambayoyinsa 250 na jarrabawa asalinsu daga GSM8K suke, mutane suka fassara. Lambobin ba su canza ba. Manhajar da ta san 16 da uku da huɗu da Turanci tana iya gane su a cikin Hausa ba tare da ta fahimci jimlar sosai ba. Aiki ne mai kyau, ya nuna yadda maki ke faɗuwa idan an bar Turanci, sai dai mai karanta makin ya san inda tambayoyin suka fito.

Maryam:
Na gode ƙwarai. Zan sa "gurɓacewar gwaji" da "gurɓataccen maki". Ta Aliyu da ta Malam Garba ba zan haɗa su a ciki ba, zan bayyana su da cikakkiyar jimla har a samu suna. "Gwajin awo" kuma ba wanda ya ce komai a kai.

Hajiya Rabi:
Awo yana kai ni asibiti ko wurin tela. Ki gwada "gwajin bai-ɗaya", tunda tambayoyi ɗaya ake ba kowa.

Malam Garba:
"Ma'auni" ya ishe ni. Amma 'yata, kafin ki rufe, ki sa Bashir ya faɗa mana dubu nawa ne bita, daga dubu nawa kuma ta zama gurɓata. Ni har yanzu ban ga iyakar ba.